Yadda na haɗa bincike kan yawan ɗalibai a aji zuwa bita mai rukuni-rukuni

Tambayar da aka ɗora bitar a kanta gajeriya ce: idan aka rage yawan ɗalibai a ajin firamare, shin karatunsu yana ƙaruwa? An daɗe ana rubutu a kanta, muƙalu sun taru tuli, kuma duk wanda ya zauna zai rubuta babin bitar ayyukan da suka gabata, abin da hannunsa ke fara kamawa shi ne jerantawa. Wane ya yi bincike a shekara kaza ya gano kaza, wance ta yi nata ta gano kaza, haka har shafi goma. Mai karatu ya gama ya san sunaye da shekaru, amma idan ka tambaye shi me fannin ya tabbatar, sai ya yi shiru, don an bar masa aikin da marubuci ya kamata ya yi. Webster da Watson sun yi wannan magana tun 2002, cewa bita a kan ra'ayoyi ake gina ta, ba a kan marubuta ba. Faɗa da baki ba wuya. Aikin yana cikin yadda za a fasa muƙalun a sake ɗinke su, kuma shi zan bi daki-daki kamar yadda na yi shi.

Na fara ne da jadawali a kwamfuta, kuma shawarar da ta fi kowace tasiri ita ce abin da zai zama sahu guda. Sakamako ɗaya shi ne sahu ɗaya, ba muƙala ɗaya ba. Muƙalar da ta gano abu uku tana samun sahu uku. Dalili kuwa, idan muƙala ce sahu, to ita za ka riƙa ɗauka ɗungurungum kana neman inda za ka ajiye ta, alhali rabinta na wannan rukuni ne, rabinta na wancan. Daga nan ake komawa jerantawa ba tare da an sani ba.

Gurabe takwas na yi wa kowane sahu: sunan marubuta da shekara, wurin da aka yi binciken da shekarun da aka tattara bayanan, ajin yaran, daga ɗalibai nawa aka koma nawa, yadda aka samu bambancin girman ajin, abin da aka auna da lokacin da aka auna shi, sakamakon a jimla ɗaya da kalmomina, sai lambar shafi ko lambar jadawalin da na ɗauko shi. Ban wuce takwas ba, don da zarar gurabe sun kai goma sha biyar mutum ya koma magatakarda, yana cike guraben da ba zai taɓa amfani da su ba. Gurbin nan na biyu ya cancanci a kula da shi. Shekarar buga muƙala daban, shekarar bayanai daban, kuma ta biyun ce ke fallasa cewa muƙalu huɗu daga rijiya ɗaya suka ɗebo ruwa.

Ga sahu ɗaya yadda yake. Krueger, 1999. Jihar Tennessee ta Amurka, shirin STAR, daga 1985 zuwa 1989. Daga ajin share fage zuwa aji uku. Ƙaramin aji mai ɗalibai 13 zuwa 17, babban aji mai 22 zuwa 25. Ƙuri'a aka yi wajen raba yara da malamai a cikin kowace makaranta. An auna makin karatu da lissafi a ƙarshen kowace shekara. Sakamako: 'yan ƙaramin aji sun fi, kuma mafi yawan ratar ta samu ne a shekarar farko da yaro ya shiga ƙaramin ajin. Ƙarƙashinsa sai wani sahu daga muƙalar dai: ribar ta fi girma ga yara baƙaƙen fata da 'ya'yan marasa ƙarfi. Sai na uku: ƙara mataimakin malami a babban aji bai kawo wani canji na a zo a gani ba. Waɗannan sahu uku daga baya ba wuri ɗaya suka tafi ba a cikin bitar.

Jimlar sakamakon daga cikin jadawalan muƙalar nake ɗaukarta, ba daga tsakuren da ke farkonta ba. Tsakure tallan muƙala ne, yakan ɗaga abin da ya fi ƙyalli ya bar sauran. Muƙalar Angrist da Lavy ta 1999 misali ce mai kyau ta amfanin shiga cikin jadawalai. Sun yi amfani da dokar Isra'ila ta cewa aji ba ya wuce ɗalibai 40, wadda ake jinginawa ga Maimonides, wani malamin Yahudawa na ƙarni na goma sha biyu. Makarantar da ke da yara 40 a shekara aji ɗaya take yi, mai 41 kuwa sai ta raba su biyu, 20 da 21, don haka yaro guda tak yake raba makarantu biyu masu kama da juna. Mutane suna ambaton wannan aikin da cewa ya nuna amfanin ƙaramin aji. Amma idan ka shiga ciki, ribar ta fito sosai a aji biyar, ta fi rauni a aji huɗu, a aji uku kuma ba a gan ta ba. Sahu uku ke nan, kuma na ukun ya tafi rukunin da ke adawa da na farkon.

Da jadawalin ya cika, sai na jera shi bisa gurbin wuri da shekarun bayanai kafin in fara tunanin rukuni. Nan take STAR ya taru waje guda: Finn da Achilles a 1990, Krueger a 1999, Krueger da Whitmore a 2001, Chetty da abokan aikinsa a 2011, da wasu. Duka gwaji ɗaya ne, makarantu 79, yara wajen 11,600 a tsawon shekara huɗu. Wanda ya rubuta cewa «bincike da dama sun tabbatar», ya jera sunayen nan huɗu a cikin baka biyu, ya ƙirga shaida ɗaya sau huɗu. Muƙalun ba maimaici ba ne, kowace ta auna wani abu a wani lokaci na rayuwar yaran, amma duk aibin da ke cikin asalin gwajin sun gaje shi tare. An san wasu yara sun sauya aji bayan ƙuri'a, wasu sun bar makarantun, sannan sai makarantar da ke da girman da za ta iya buɗe aji uku a shekara ce ta samu shiga. Saboda haka na ba kowane tushen bayanai alama ɗaya a jadawalin, kuma a rubutu idan zan faɗi yawan shaidu, tushe nake ƙirgawa ba muƙalu ba.

Wannan ba tsantseni ba ne na banza, don an yi babbar jayayya a fannin a kan ƙirge kawai. Hanushek a 1997 ya tattara ƙiyasi 277 daga bincike 59. Ya samu kashi 15 cikin ɗari suna nuna amfanin ƙarancin ɗalibai, kashi 13 suna nuna akasin haka, kashi 72 kuma ba su kai matsayin da lissafi zai tabbatar da su ba. Ya yanke cewa babu wata alaƙa tabbatacciya. Krueger a 2003 ya koma kan kayan nan dai, ya nuna cewa wasu bincike an ɗebo ƙiyasi sama da ashirin daga cikinsu, wasu kuma ɗaya tak, kuma idan aka ba kowane bincike murya ɗaya, awon yana karkata zuwa ga amfanin ƙaramin aji. Muƙalu iri ɗaya, hukunci biyu, bambancin daga yadda aka ƙirga ne. Tun da nawa jadawalin ma sahu-sahu ne na sakamako, haɗarin yana kaina: muƙala mai sahu shida za ta iya danne mai sahu ɗaya. Sahu na rarrabewa ne, ba na kaɗa ƙuri'a ba.

Sai rukuni. Na buga gurbin sakamako kaɗai, na yanka shi ƙyalle-ƙyalle, kowane da lambarsa a baya, ba sunan marubuci a gaba. Ɓoye sunan yana da amfani, don shahararren suna yana jan hankali, sai ka ga ana gina rukuni kewaye da shi. Na riƙa ɗaukar ƙyalle ina tambaya: wace magana ɗaya ce wannan zai iya zama shaidarta?

Rabon da ke fara zuwa kai shi ne na batu: «makin jarrabawa», «malamai», «ƙasashe masu tasowa». Waɗannan aljihu ne na ajiya, ba su ce komai ba. Ƙarƙashin «malamai» za ka iya zuba muƙalu goma ka jera su ɗaya bayan ɗaya, ka dawo gidan jiya da sabon take. Gwajin da nake yi wa kowane rukuni shi ne sunansa ya zama cikakkiyar jimla wadda wani zai iya cewa ƙarya ce. «Malamai» ba a musa ta. «Ribar rage aji tana raguwa idan malaman da aka ɗauka don cike sababbin azuzuwa ba su kai na da ba» ana iya musa ta, kuma ana iya kawo mata shaida. Duk tarin da na kasa rubuta masa irin wannan jimla, na san ba rukuni ba ne tukuna, sai in watsa shi in sake.

Rabon da ke zuwa na biyu shi ne na gida biyu, masu cewa e da masu cewa a'a. Ya fi na batu, amma yana ɓoye abu mafi muhimmanci, don kalmar «babu tasiri» abu biyu take ɗauke da su. Akwai binciken da ya auna da kyau ya ga tasirin kusan sifili ne. Akwai kuma wanda samfurinsa, wato adadin waɗanda ya auna, ƙarami ne, ƙiyasinsa yana yawo tsakanin babbar riba da ƙaramar asara, sai ya ce bai ga komai ba. Na farkon shaida ce, na biyun rashin shaida ne. Ana bambance su da duba iyakar ƙasa da ta sama ta ƙiyasin a jadawalin muƙalar. Aikin Hoxby na 2000 a makarantun firamare na jihar Connecticut ta Amurka na farkon ne. Ta bi hawa da saukar yawan yara daga shekara zuwa shekara, wanda ke sa aji ya kumbura bana ya motse baɗi ba da shirin kowa ba, kuma awonta ya yi daidai har ta iya kore ko da ƙaramin tasiri. Irin wannan ba a share shi da cewa wataƙila samfuri ne ya yi kaɗan. Na sa wa kowane sahun «babu tasiri» alamar wane iri ne, na farkon ya shiga muhawara, na biyun ya samu jimla ɗaya a gefe.

Abin da ya tsaya a ƙarshe rukuni huɗu ne. Na ɗaya, inda aka yi babban ragi a shekarun farko na makaranta, maki yana tashi, musamman ga 'ya'yan marasa ƙarfi. Na biyu, ribar tana sake bayyana a manyanta ko da ratar maki ta ragu a tsakani. Na uku, ribar ta rataya ne a kan wanda ya tsaya gaban sabon ajin. Na huɗu, akwai wuraren da aka auna da kyau ba a ga komai ba. Huɗu zuwa shida shi ne abin da babi ɗaya ke ɗauka. Idan rukunai sun kai goma sha biyu, mafi yawansu muƙala ɗaya ce ta sa rigar rukuni. Idan biyu ne kacal, akwai abubuwa mabambanta da aka cusa a buhu ɗaya.

Rukuni na biyu ya nuna amfanin gurbin «lokacin da aka auna». Krueger da Whitmore sun bi yaran STAR har ƙarshen sakandare: ratar maki ta ragu bayan sun koma azuzuwa na yau da kullum, amma 'yan ƙaramin aji sun fi zaman jarrabawar neman shiga jami'a, kuma abin ya fi ƙarfi ga baƙaƙen fata. Chetty da abokansa sun haɗa sunayen yaran da bayanan haraji, suka ga sun fi shiga jami'a, amma bambancin kuɗin da suke samu lokacin da suka kai shekara 27 bai tabbata ba. Zuwa nan tushe ɗaya ne. Abin da ya mai da shi rukuni shi ne aikin Fredriksson, Öckert da Oosterbeek na 2013 a Suwidin, inda doka ta ƙayyade aji a ɗalibai 30. Sun ga yaran da suka yi aji huɗu zuwa shida a ƙaramin aji sun fi yin nisa a karatu, kuma albashinsu ya fi a lokacin da suka girma. Ƙasa daban, hanya daban, shekarun yara daban, magana ɗaya. Da babu Suwidin, da na rubuta shi a matsayin abin da gwaji guda ya nuna, ba abin da fanni ya gano ba.

Rukuni na uku shi ne wanda jerantawa ba za ta taɓa haifarwa ba, don muƙalunsa biyu ba su yi kama ba ko kaɗan a fuska. California a 1996 ta sauke azuzuwan farko daga kusan 30 zuwa 20 a faɗin jihar gaba ɗaya, abin da ya sa aka nemi dubban sababbin malamai a lokaci guda. Jepsen da Rivkin a 2009 sun ga maki ya tashi, amma shigowar malamai marasa gogewa da marasa takardar koyarwa ya cinye wani ɓangare na ribar, kuma abin ya fi taɓa makarantun da baƙaƙen fata suka fi yawa. A yammacin Kenya kuwa, Duflo, Dupas da Kremer a 2015 sun ba da rahoton gwajin da aka ƙara wa makarantu malamin kwantiragi, yawan ɗalibai a aji ya sauko daga wajen 82 zuwa wajen 44. Yaran da ƙuri'a ta kai wa malamin kwantiragi sun ƙaru. Waɗanda suka rage wurin malaman gwamnati, duk da ajinsu ya ragu kusan rabi, ba a ga ƙarin da ya tabbata ba, kuma an lura malaman sun rage shiga aji. A rabon batu, Kenya za ta faɗa aljihun «ƙasashe masu tasowa», California ta faɗa na «manufofin jihohi», ba za su taɓa haɗuwa ba. Da aka cire sunaye aka bar jimlar sakamako kawai, sai ga su suna faɗin abu ɗaya.

Ga bambancin a rubuce. Mai jerantawa zai ce:

«Jepsen da Rivkin (2009) sun yi nazarin rage yawan ɗalibai a California, sun gano maki ya ƙaru amma ingancin malamai ya ragu. Haka kuma Duflo, Dupas da Kremer (2015) sun gudanar da bincike a Kenya, sun gano malaman kwantiragi sun fi tasiri.»

Abin da na rubuta shi ne:

«Rage aji yana nufin ƙara malamai, don haka sakamakonsa ya dogara da irin malaman da aka samu da yadda na da suka karɓi sauyin. Inda aka yi ragin a jiha guda cikin gaggawa, sababbin malamai marasa gogewa sun rage ribar (Jepsen da Rivkin, 2009). Inda aka raba aji kusan biyu amma malaman da ke nan suka sassauta, ragin shi kaɗai bai ɗaga maki ba (Duflo, Dupas da Kremer, 2015). Hanyoyin biyu sun bambanta, ɗaya ta ingancin wanda aka ɗauka ce, ɗaya ta himmar wanda aka tarar, amma dukansu suna taƙaita abin da za a iya ɗauka daga STAR, wanda ragin da ya yi bai kai girman da zai girgiza kasuwar malaman jiha ba.»

A na biyun sunaye sun koma cikin baka, magana ce ke jan jimla. Kalmar «haka kuma» ta ɓace. Ina kallon ta a matsayin alamar ciwo: duk inda na ga «haka kuma», «bugu da ƙari» ko «shi ma wane» a tsakanin muƙalu biyu, yawanci ban gano alaƙarsu ba ne, na dai ajiye su kusa da juna. Kalmomin da ke nuna an yi aiki su ne «amma», «saboda», «sai dai inda», «saɓanin haka». Jimlar ƙarshe ta sakin layin kuma ba ta cikin kowace muƙala, tawa ce, shi ya sa ba ta da baka. Mai karatu ya kamata ya iya gane inda shaida ta ƙare da inda hukuncin marubuci ya fara.

Inda na fi daɗewa shi ne tsakanin rukuni na ɗaya da na huɗu, don a nan saɓani yake na gaske. Hanyar ita ce ka koma jadawali ka jera shi bisa gurbi ɗaya bayan ɗaya, ka ga ko akwai gurbin da ke raba masu riba da marasa riba. Na fara da hanyar bincike. Hoxby da kanta ta kawo wannan bayani, cewa a gwaji irin STAR malamai sun san ana kallon su kuma sakamakon zai shafi manufa, alhali a sauyin da ke zuwa da kansa babu mai wannan tunani. Bayanin yana da ma'ana, amma Suwidin ba gwaji ba ce, babu wanda ya san ana auna shi, kuma an ga riba. Sai na koma shekarun yara. Leuven, Oosterbeek da Rønning a 2008 sun yi amfani da dokar aji 30 a Norwe, irin ta Suwidin, ba su ga tasiri ba, kuma nasu yaran na ƙaramar sakandare ne. To ko ƙuruciya ce sirrin? Connecticut ta rushe wannan, don firamare ce. Sai girman ragin: STAR ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku, amma Kenya ta rage kusan rabi ba ta samu ba.

Isra'ila ce ta fi ba da wuya. A 2019 Angrist da Lavy, tare da Leder-Luis da Shany, suka sake aikinsu da bayanan 2002 zuwa 2011. Doka ɗaya, ƙasa ɗaya, hanya ɗaya, biyu daga cikin marubutan su ne na da, kuma tasirin bai bayyana ba. Wannan ya tilasta min komawa rukuni na ɗaya in rage ƙarfin jimlarsa, don ɗaya daga cikin ginshiƙansa masu shi sun dawo sun girgiza shi. Akwai darasin aiki a nan: ga kowace muƙala da ka jingina rukuni a kanta, nemi waɗanda suka ambace ta daga baya, musamman su marubutan da kansu.

Babu gurbi ɗaya da ya raba shaidun tsaf, kuma haka na rubuta. Na ba kowane bayani jimla biyu ko uku: abin da yake warwarewa, da binciken da ya ƙi shiga ƙarƙashinsa. Ana jin kwaɗayin a zaɓi bayani ɗaya a rufe ido ga wanda ya saɓa, don babin ya fito sumul. Amma mai duba aiki da ya san fannin, binciken da aka ɓoye shi zai fara tambaya. Kuma irin wannan wurin, inda bayanai uku kowanne ya ci rabi, shi ne giɓin da ake nema a bita. Ya fi ƙarfin jimlar nan da ta gaji ta «ba a yi bincike sosai a wannan fanni ba», wadda a batun girman aji ma ba gaskiya ba ce.

Ƙarfin kalma ma daga jadawali yake fitowa. Na riƙe mataki uku. Inda tushe uku ko fiye masu zaman kansu suka haɗu ta hanyoyi daban-daban, ina cewa shaidu sun nuna. Inda tushe biyu ne, ko da yawa amma hanya ɗaya, ina cewa akwai alamun. Inda ɗaya ne, ina kiran sunan wurin: a Tennessee an ga kaza. Maganar cewa mataimakin malami bai kawo canji ba a mataki na uku ta zauna.

Akwai ƙyallayen da suka rage a tebur, kuma kullum sai sun rage. Wasu suna amsa wata tambaya ce daban, kamar yadda malamai ke ji game da babban aji, waɗannan na fitar da su na faɗi a gabatarwa cewa bitar ba ta shafe su ba. Wasu kuwa suna magana ne a kan hanyar binciken kanta. Urquiola da Verhoogen a 2009 sun nuna cewa a Chile makarantu masu zaman kansu suna sarrafa yawan yaran da suke ɗauka don kada su tsallake iyakar da za ta tilasta musu buɗe sabon aji, iyaye kuma suna zaɓen makaranta, don haka makarantun da ke gefe biyu na iyakar ba lallai su yi kama ba. Wannan bai ce ƙaramin aji yana da amfani ko ba shi da shi ba. Gargaɗi ne ga duk binciken da ya dogara da dokar iyaka, wato Isra'ila da Suwidin da Norwe baki ɗaya. Na sa shi a gajeren sakin layi kafin rukunan, inda na bayyana hanyoyin uku da ake samun bambancin girman aji, don mai karatu ya shiga da shi a hannu.

Jerin rukunan bai bi shekaru ba. Na fara da abin da ya fi ƙarfin shaida, sai daɗewarsa, sai sharaɗinsa, sai abin da ya saɓa masa, ta yadda kowane sashe yake amsa tambayar da na gabansa ya tayar. STAR ya fito a sassa uku, Angrist da Lavy a biyu. Bayanin yadda aka tsara kowane bincike sau ɗaya na yi shi, a inda ya fara fitowa, jimla biyu, daga baya sai ambato kawai.

Dubawar ƙarshe iri biyu ce. Na kwafe jimlar farko ta kowane sakin layi na jera su su kaɗai na karanta. Idan ba su ba da hujja mai tafiya ba, ko ɗaya ta fara da sunan mutum da shekara, wannan sakin layin ya koma gyara. Sannan na bi kowace baka na koma lambar shafin da ke jadawali na buɗe muƙalar. Abin da ake kamawa a nan shi ne zamewar ma'ana: jimlar rukuni takan ja sakamako ya faɗi abin da bai faɗa ba. A sashe na biyu, «sun fi zaman jarrabawar shiga jami'a» yana saurin rikiɗewa ya zama «sun fi shiga jami'a», alhali na farkon na Krueger da Whitmore ne, na biyun na Chetty da abokansa, kuma kowanne sai an ajiye shi gaban nasa sunan.